Taken Imel na Gayyatar Taro

Taken imel shi ne gajeren layin da ake rubutawa a gurbin `Subject`, kuma shi mai karɓa ke fara gani bayan sunan wanda ya aiko. Allon waya ba ya nuna shi duka. Yawanci haruffa 30 zuwa 40 na farko ne ke bayyana, sauran su yanke. Saboda haka kalmomin farko ne ke ɗaukar nauyin gayyatar.

A nan ne al'adar wasiƙar ofis ke kawo cikas. Sakataren wata ƙungiya zai rubuta: "Gayyata zuwa ga wani muhimmin taro da za a yi ranar Laraba kan kasafin kuɗi." Ladabi ya cika, amma abin da waya za ta nuna bai wuce "Gayyata zuwa ga wani muhimmin taro" ba. Haruffa 34 sun tafi, mutum bai san taron mene ne ba, balle ranarsa, sai ya ajiye saƙon sai anjima. Da an rubuta "Taron kasafin kuɗi: Laraba 12 Maris, 10:00 na safe", da haruffa 35 na farko sun faɗi batun da ranar. Gaisuwa da ban girma suna da wurinsu a cikin saƙon.

Rana na bukatar kulawa ta musamman. "Gobe" ba ta da amfani ga wanda ya buɗe saƙon bayan kwana biyu. Lamba zalla ma tana rikitarwa: 3/4 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Sunan rana da sunan wata suna kawar da wannan ruɗani. Idan mahalarta suna ƙasashe daban-daban, sai a faɗi agogon da ake nufi, domin ƙarfe 10:00 a Kano ko Yamai ƙarfe 9:00 ne a Accra.

Wanda ya aika gayyata ta Google Calendar ya sani cewa manhajar tana saka kalmar `Invitation:` a gaban sunan taron, ta kuma ƙara lokacin a bayansa. A nan sunan batun kaɗai ya isa.

Matsala mafi tsanani tana zuwa ne idan an ɗage taro. Mutane da yawa kan danna `Reply all` su rubuta sabon lokaci a ciki, taken kuma ya ci gaba da nuna tsohuwar rana bayan `Re:`. Gmail yana tara irin waɗannan amsoshi ƙarƙashin take ɗaya, don haka mai sauri zai zo ranar Laraba ya tarar da ɗaki wayam. Gyaran shi ne sabon saƙo wanda canjin ke farkon takensa: "An ɗage: taron kasafin kuɗi ya koma Alhamis 13 Maris."