Kayan Bashi Daga Ƙetare: A Ina Ake Rubuta Kuɗin Dako da Na Kwastan?

A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya yi odar atamfa turmi 1,000 daga Guangzhou, a kan bashin naira miliyan 20. A takardar cinikin an rubuta FOB, wato da zarar an loda kaya a jirgi nauyinsu ya koma wuyan mai saye. Tun ranar kayan suka zama nasa, ko da suna tsakiyar teku, don haka ranar ce ya kamata su shiga littafi. Za a rubuta miliyan 20 a gefen hagu na shafin haja, a rubuta miliyan 20 a gefen dama na shafin mai kaya, a matsayin bashin da yake bi.

Daga nan sai ɗawainiya ta biyo baya. Ya biya kamfanin jirgi miliyan 1.5, ya biya kwastan miliyan 4 a Apapa, ya kuma biya tirela dubu 500 daga Legas zuwa Kano. Jimla miliyan 6 ke nan. Mutane da yawa sukan jefa wannan kuɗi a shafin kashe-kashen yau da kullum, tare da hayar shago da kuɗin wuta, alhali gurbinsa shafin haja ne. Kowane biya a rubuta shi a hagun shafin haja, a rage shi daga shafin banki. Shafin mai kaya kuwa ba a taɓa shi, domin ba shi aka biya ba. Bashinsa yana nan miliyan 20.

Dalili shi ne, duk abin da aka kashe kafin kaya su iso shago yana cikin ainihin kuɗin sayensu. Atamfar nan ta tsaya masa a miliyan 26, kowane turmi dubu 26. Idan ya ɗauka dubu 20 ne ya sayar a dubu 25, zai yi murnar ribar dubu 5, nan kuwa faɗuwar dubu ɗaya yake yi a kowane turmi.

Kuskuren yana ƙara fitowa a ƙarshen shekara. A ce turmi 400 sun rage a sito. Ƙimarsu ta gaskiya miliyan 10.4 ce, amma wanda ya kai dakon da harajin shafin kashe-kashe zai rubuta miliyan 8. Ribar bana ta ragu da miliyan 2.4 ke nan a takarda, ta baɗi kuma ta kumbura da daidai wannan adadi. Inda ake kasuwancin haɗin gwiwa, wannan kaɗai ya isa ya haddasa rigima wajen rabon riba.

Amma ba kowane kuɗi ne ke shiga haja ba. Tarar da aka ci shi don kwantena ta daɗe a tasha saboda sakacin takardu asara ce ta shekarar. Kuɗin motar da ta kai wa kwastoma kaya Maraɗi kuwa ɗawainiyar sayarwa ce, shafinta daban.