Abin da doka ta tanadar wa direba idan 'yan sanda suka tsayar da shi a shinge

Direban da ke bin hanyoyin kudancin jihar Kaduna, kamar daga Kafanchan zuwa Kagoro, ko zuwa Kwoi, ko ta Zonkwa zuwa Kachia, ya saba da cin karo da shingen jami'an tsaro, waɗanda suka yawaita saboda rikice-rikicen da yankin ya sha fama da su. Sau da yawa saɓanin da ke tashi a irin waɗannan wurare yana faruwa ne saboda direba bai san iyakar ikon ɗan sanda ba, bai kuma san abin da ya wajaba a kansa ba.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta bai wa jami'i ikon tsayar da mutum ko mota ya yi bincike, idan yana da dalili mai ma'ana na zargin cewa akwai kayan sata, ko makami, ko wani abin da doka ta haramta. Saboda haka wajibi ne direba ya tsaya idan aka ɗaga masa hannu. Hana ɗan sanda aikinsa, ko kai masa hannu, laifi ne da ke jawo tara ko ɗauri.

Sai dai dokar ta gindaya wa jami'in sharuɗɗa. Sashe na 50 ya ce kafin ya fara bincike, sai ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilinsa. Dole ne kuma ya kasance cikin kayan sarki, ko ya rataya katin shaidarsa a inda za a gani. Sashe na 54 ya ƙara da cewa shekarun mutum, ko irin askinsa, ko shigarsa, ba za su zama dalilin zargi ba.

A ɗauki misalin direban da ya ɗauko buhunan citta daga Kwoi zuwa Kafanchan bayan magariba. Da zarar ya hango shinge, sai ya rage gudu, ya rage hasken fitilar gaba, ya kunna ta cikin mota, ya kashe rediyo. Idan ya tsaya a gefen hanya, ya sauke gilashi, ya bar hannayensa a kan sitiyari. Hikimar hakan ita ce jami'in da ke riƙe da bindiga cikin duhu bai san wanda ke cikin motar ba, kuma motsi na ba-zata na iya firgita shi. Shi ya sa kafin direba ya miƙa hannu ya ɗauko takardu, gara ya ce, "Ranka ya daɗe, takardun suna cikin aljihun mota, zan ɗauko."

Takardun da aka fi tambaya su ne lasisin tuƙi, da lasisin mota, da takardar inshora. Mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan diyya ga wanda motar ta yi wa ɓarna, kuma tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta ta a faɗin ƙasa. Ya kamata direba ya duba ranar ƙarewar kowace takarda kafin ya fita.

Idan jami'in ya nemi duba kaya, direba ya buɗe da kansa, ya tsaya yana kallo har a gama. Binciken jiki a bakin hanya bai wuce tufafin sama ba, kuma mace ce ke bincikar mace. Game da waya, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a watan Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya haramta wa jami'ai bincika wayoyin mutane barkatai. Direba na iya tunatar da hakan cikin ladabi, amma kada ya yi kokawar ƙwace wayar.

Idan lamarin ya kai ga kamu, sashe na 35 ya ba shi 'yancin yin shiru har sai ya gana da lauya. Dole ne kuma a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin kilomita 40, kamar yadda yake a Kafanchan. Ba a biyan kuɗin beli a ofishin 'yan sanda.

Bayar da cin hanci laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Direban da aka zalunta ya guji gardama a bakin hanya, ya riƙe sunan jami'in da ke rubuce a rigarsa, da lambar motar sintiri, da wuri da lokaci. Bayan ya bar wurin, sai ya kai ƙorafi ga babban jami'in 'yan sanda na yankin, ko Sashen Karɓar Ƙorafe-ƙorafe na rundunar, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.