Akwati Huɗu da Kibiyoyinsu: Yadda Ake Zana Taswirar Shagon Intanet

Ɗan kasuwan da ya ba matashi kwangilar gina masa shagon intanet, abin da yake ɗokin gani shi ne hotunan kayansa sun jeru a waya, da farashi a ƙarƙashin kowanne. Amma akwai wata takarda guda da ya kamata ya nema tun kafin a rubuta layi ɗaya na manhajar. Ita ce taswirar sassa: zane ne na 'yan akwatuna da kibiyoyi, mai nuna sassa nawa manhajar take da su, mene ne aikin kowanne, kuma wane ne yake da izinin magana da wane.

Zanen yana da asali. Yana cikin tsarin zane-zanen manhaja da ake kira UML, wanda Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa a kamfanin Rational, aka kuma amince da shi a matsayin ƙa'ida a 1997. Tsarin yana da alamomi masu yawa, amma ƙaramin shago ba ya buƙatar haddace su. Akwati, da suna a cikinsa, da kibiya mai rubutu a kanta, sun wadatar.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari a Kano, wanda yake son mutanen Kaduna da Abuja su riƙa saye daga wayoyinsu. Akwatin farko shi ne fuskar shago, wato shafin da mai saye yake gani, yana latsa hoto, yana zuba kaya a kwando. Na biyu shi ne API, manhajar da take zaune a kan sabar shago, wadda ba a ganinta, amma ita ke yanke hukunci: nawa ne kuɗi, akwai kayan ko sun ƙare, an biya ko ba a biya ba. Na uku rumbun bayanai, inda ake ajiye jerin kaya da farashinsu da odar kowa da adireshinsa. Da yawa suna amfani da PostgreSQL ko MySQL. Na huɗu sashen biyan kuɗi, wanda a Najeriya galibi kamfani ne na waje kamar Paystack ko Flutterwave.

Da an zana akwatunan, sai a ja layi mai ɗigo-ɗigo a kewaye API da rumbun bayanai su biyu kaɗai. Abin da ke cikin wannan layi shi ne ke hannun mai shago. Sashen biya na wani kamfani ne, wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ita ma fuskar shago tana waje. Gaskiya ne maginin shagon ne ya rubuta ta, amma a wayar mai saye take aiki, kuma duk wanda ya san kan burauza zai iya buɗe ta, ya karanta abin da ke ciki, ya sauya lambobin da take aikawa. A ganina wannan layi ya fi akwatunan kansu muhimmanci, domin daga shi ne duk sauran dokokin zanen suke fitowa.

Ana iya yin zanen da biro a takarda, ko a draw.io, ko a rubuta shi da PlantUML ya fitar da hoton da kansa:

```
@startuml
database Rumbu
[Fuska] --> [API] : oda
[API] --> Rumbu : SQL
[API] --> [Biya] : initialize, verify
[Biya] --> [API] : webhook
[Fuska] --> [Biya] : kati
@enduml
```

Kibiya biyar ke nan. Kan kibiya yana nuna wanda ake kira, wutsiyarta kuma wanda ya fara magana. Kibiyar da ba a rubuta abin da take ɗauke da shi ba, ba ta faɗi komai ba, don haka kowacce a sa mata suna.

Hanyar da za a gane ko zane ya yi daidai ita ce a ɗora yatsa a kansa a bi ciniki guda daga farko har ƙarshe. A ce wata mata a Kaduna ta zaɓi turmi biyu na atamfa, kowanne naira 18,500, kuɗin kai kaya naira 3,000. Ta latsa wurin biya. Fuskar shago za ta aika wa API abu uku: lambar atamfar, da adadi biyu, da adireshi. Ba za ta aika farashi ba, kuma ko ta aika, API ba zai kula shi ba. Shi zai tambayi rumbu farashin, ya yi lissafinsa, ya samu naira 40,000, ya rubuta oda a rumbun da alamar cewa ana jiran biya.

Me ya sa ake tsananta wannan? Domin in API ya yarda da farashin da ya zo daga waya, mai wayo zai mayar da 40,000 ta koma 400, ya biya ɗari huɗun, shago kuma ya rubuta masa an biya. Alamar wannan cuta a bayyane take: oda tana nuna kaya masu tsada, amma kuɗin da ya shiga asusun kamfanin biya ba su kai ko kuɗin mota ba.

Daga nan API zai kira Paystack ta `/transaction/initialize`, ya ba shi adadin kuɗi da imel ɗin mai saye da wata lambar shaida ta wannan ciniki kaɗai. Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a rubuta shi a jikin kibiyar: Paystack da kwabo yake lissafi, saboda haka naira 40,000 ana aika ta a matsayin 4,000,000. Wanda ya manta ya aika 40,000, naira 400 za a cire wa matar. Paystack zai dawo da adireshin shafin biya, a tura matar can, ta sa lambar katinta ko ta yi tiransifa. Wannan ce kibiya ta biyar, wadda ta tashi daga fuska kai tsaye zuwa sashen biya ba tare da ta ratsa API ba. Da gangan aka yi ta haka. Lambar kati ba ta taɓa sabar shago, ba ta shiga rumbunsa. Akwai ƙa'idoji masu tsauri da ake kira PCI DSS a kan duk wanda yake ajiye lambobin kati, kuma mai atamfa ba shi da dalilin ɗaukar wa kansa wannan kaya.

Yanzu matar ta biya, an dawo da ita shafin shago, wayarta ta ce wa API an gama. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake yi wa wanda ya nuna hoton tiransifa a wayarsa: ba a miƙa masa kaya sai alat ya shigo wayar mai shago. To haka API ya kamata ya yi. Zai koma ya tambayi Paystack da kansa ta `/transaction/verify`, da lambar shaidar nan, ya tabbatar cinikin ya yi nasara, kuma kuɗin da aka biya kwabo 4,000,000 ne cif. Sai bayan haka ya sauya odar a rumbu zuwa an biya, ya rage turmi biyu daga abin da ya saura.

Saura kibiyar da sababbin magina suka fi mantawa, wadda ta juyo daga sashen biya zuwa API. A ce banki ya cire kuɗin matar, sai sabis ya ɗauke ko cajin wayarta ya ƙare kafin ta dawo shafin shago. Ba wanda ya sanar da API komai, odar tana nan tana jiran biya, ita kuwa an cire mata naira 40,000. Washegari sai ta kira cikin ɓacin rai, kuma tana da gaskiya. Maganin wannan shi ne `webhook`: Paystack da kansa yana aiko wa API saƙo mai suna `charge.success`, ko wayar mai saye tana kunne ko ba ta kunne. Idan mai shago yana yawan samun kiran an cire kuɗi amma oda ba ta nuna ba, ya duba zanen. Mai yiwuwa wannan kibiya ce babu, ko tana nan a takarda amma ba a gina ta ba.

Ita ma wannan ƙofa sai da tsaro, tunda kowa zai iya aiko saƙo ya ce daga Paystack yake. Saƙon gaskiya yana zuwa da hatimi a `x-paystack-signature`, wanda API yake tantancewa da mabuɗin sirri na shago. Saƙo ɗaya kuma yana iya zuwa sau biyu, domin in ba a amsa na farko ba Paystack zai sake aikowa. Shi ya sa API yake fara duba ko an riga an rubuta wannan oda an biya, don kada a rage turmi huɗu a madadin biyu.

Maganar mabuɗi ta kawo mu ga abin da nake so a rubuta a cikin akwatunan. Paystack yana ba da mabuɗi biyu. Mai farawa da `pk_` na fili ne, yana iya zama a fuskar shago. Mai farawa da `sk_` na sirri ne, wurinsa cikin API kawai. Haka lambar sirrin rumbun bayanai. Wannan shi ne dalilin da ya sa babu kibiya tsakanin fuska da rumbu a zanenmu: kafin fuska ta iya buɗe rumbu da cikakken iko sai an ba ta lambar sirri, kuma duk abin da aka ba fuska an ba duk mai waya. Sunayen kwastomomi da adireshinsu da lambobin wayarsu amana ce, bai kamata a bar su a bakin hanya ba.

Zanen yana da iyakarsa. Ba ya nuna abin da ya riga wani faruwa. Wannan aikin wani zane ne daban a cikin UML. Akwati huɗu kuma ba sa nufin kwamfuta huɗu, domin ƙaramin shago yana iya ɗora API da rumbu a kan saba guda ba tare da ya karya dokar ba. Babbar illarsa ita ce tsufa. Ranar da aka ƙara tura saƙon tes ga masu saye, ko aka haɗa kamfanin kai kaya, an ƙara akwati da kibiya, kuma in ba a gyara zanen ba zai ɓatar da wanda ya gaji aikin. Shi ya sa na fi son a rubuta shi da PlantUML a ajiye tare da manhajar, a kuma sa masa kwanan wata.

Kai mai shago, kafin ka biya kashin farko na kuɗin aiki, ka ce a kawo maka wannan takarda. Ka sa maginin ya nuna maka da yatsa wane akwati ne yake lissafa farashi, wane ne yake tabbatar da an biya, da kuma abin da zai faru in wayar mai saye ta mutu bayan an cire kuɗinsa. In amsar biyun farko ba API ba ce, ko ya rasa kibiyar da zai nuna a ta uku, ka dakatar da aikin sai an gyara zanen.