46 ce ko 40? Yadda ake ciro darasi daga allon da ke cikin bidiyo

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris na 2020, mu ɗaliban yankin Funtua da Malumfashi muka saba da darasin da ake naɗa a waya, wannan ya tura wa wancan. Matsalar ita ce, kafin bidiyon ya iso hannunka ya bi ta wayoyi huɗu ko biyar, rubutun da ke kan farin allo ya zama kamar tafiyar kura.

A hutun da ya wuce mun zauna da wasu ƙannenmu 'yan aji shida don mu buga musu darasin ilimin aikin gona a waya. Darasin lissafin taki ne: gonar masara mai faɗin hekta ɗaya tana buƙatar kilo 60 na sinadarin naitirojin, to kilo nawa na yuriya za a zuba? Malamin ya rubuta kason naitirojin da ke cikin yuriya a gefen allo, daidai inda hasken taga ya bugi wurin. Wasunmu suka ce 46 ce, wasu suka rantse 40 ce.

Kada ka ce ai bambancin kaɗan ne. Da 40, amsa za ta zama kilo 150, wato buhu uku cif na kilo 50. Da 46 kuwa, kilo 130 ne da 'yan kai, buhu biyu da rabi da ɗoriya. A jarrabawa maki ya tafi, a gona kuma kuɗin kilo 20 na taki ya salwanta. Duk ɗan manomi ya san ba a wasa da kuɗin taki.

Abin da muka fara yi shi ne neman wurin tsayar da bidiyon. Yawancinmu mukan tsayar da zarar malami ya fara rubutu, alhali a lokacin kafaɗarsa ta tare rabin allon. Ka jira ya gama, ya matsa gefe yana bayani, kafin ya ɗauki abin gogewa. Nan za ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka rubuta mintin da ka ɗauka don ka iya komawa. Sai muka nemo wata 6 da ba mu da shakka a kanta, a cikin 60 ɗin da ya rubuta a sama. Ashe malamin yana yi wa 6 babban ciki da gajeriyar wuya, shi ya sa take kama da sifiri. Muka mayar da bidiyon baya, muka kasa kunne, sai ga wani mai babur ya wuce a daidai lokacin da ya faɗi adadin!

Lissafin da kansa ne ya raba gardama. Amsar malamin ta fito sarai a ƙasan allo: 130. Muka gwada ta baya:

```
130 × 0.46 = 59.8
130 × 0.40 = 52
```

Ta farkon ce ta kai mu kusa da 60. Kuma ko a jikin buhun yuriya 46 ɗin ake rubutawa.

Zanen tazarar shuka ya fi ba mu aiki. Malamin ya ja layuka, ya ɗiga ɗigo a kansu, ya sa kibiya biyu, ɗaya da 75, ɗaya da 25. Mun gwada Google Lens, ya ciro lambobin biyu a jere amma bai san wacce kibiya ce ta wacce ba, kuma m² ya mayar da ita m2. Don haka muka bi kowace kibiya da ido daga gindinta zuwa tsininta, muka rubuta ta da jimla: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami. Wannan ma mun auna shi. Kowane rami ya ci murabba'in mita 0.1875, hekta kuma murabba'in mita 10,000 ce, ka ga ramuka kusan 53,333, daidai da abin da ke allon. Zanen kansa mun sake yinsa da biro a takarda, muka ɗauki hotonsa muka liƙa a ƙarƙashin jimlar.

Akwai kalma guda da aka rubuta da jar maka mai ƙarewa, har yau ba mu gano ta ba. Ba mu yi ƙirdado ba. Mun sa [?] tare da mintin, domin abin da aka buga a waya yakan yi kama da gaskiya, kuma mutum talatin za su kwafe shi kafin magariba. Mun roƙi wanda ya naɗi darasin ya sake turo shi ta WhatsApp a matsayin Document, saboda ta haka ba a matse bidiyon, rubutu ba ya dusashewa. Ya ce sai ranar Litinin, idan ya sa data.