Gargaɗi ga iyayen yara a Yola da Jimeta: kada ku tura kuɗin makaranta sai kun karanta sunan asusu

Iyaye da masu riƙon yara, a saurara. Duk wanda takardar ma'ajin makaranta ta iso masa, tana cewa yanzu za a iya biyan kuɗin zango ta wayar salula, ya dakata kafin ya danna komai. Takardar tana iya zama ta gaskiya. Makarantu da yawa a Yola da Jimeta sun rage karɓar tsabar kuɗi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuma biya ta waya ya raba mutane da layin banki da kuɗin Keke daga Jambutu ko Yolde Pate. Haɗarin yana cikin hanyar da takardar ke bi kafin ta zo hannunku.

Ga yadda ake yi. Ma'aji ya rubuta takarda, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ba yara su kai gida. Wani uba ya ɗauki hotonta ya sa a zauren WhatsApp na iyaye don a taimaki waɗanda ba su gani ba. Daga nan hoton ya bar hannun makaranta. Ɗan damfara ba ya buƙatar ƙirƙiro komai: sunan makaranta, tambarinta, sa hannun ma'aji, duk ga su nan. Abin da zai taɓa layi ɗaya ne, wato lambar asusu mai lamba 10 da sunan banki. Ya goge na makaranta, ya sa nasa, ya sake turo hoton, sau da yawa da ƙarin magana a ƙasa, cewa tsohon asusun ya samu matsala, ko kuma wanda ya biya kafin Juma'a za a yi masa ragi. Wani lokaci ma daga lambar wani uba da kuka sani saƙon zai fito, domin an riga an ƙwace masa WhatsApp ɗinsa bai sani ba.

A ce Malam yana da shago a babbar kasuwar Jimeta, 'yarsa tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi, kuɗin zango naira 45,000. Ya buɗe manhajar bankinsa, ko ya danna lambar bankin, kamar `*894#` ta First Bank, `*919#` ta UBA, `*966#` ta Zenith ko `*737#` ta GTBank. Ya zaɓi banki, ya shigar da lambobin nan 10. Kafin a nemi lambar sirrinsa, waya za ta nuna masa sunan mai asusun. Nan ne ake tsira, nan ne kuma ake faɗawa. Idan sunan makarantar ne ya fito cikakke, kamar yadda yake a allon ƙofarta da rasitin bara, to ya ci gaba. Idan kuwa sunan wani mutum ya fito, ko sunan da ya yi kama da na makarantar amma an ƙara ko an rage kalma, ya janye hannunsa. Yawancinmu ba ma karanta wannan layin. Ciniki ya yi yawa, ana jira, sai mutum ya danna ya wuce, alhali layin nan shi ne kaɗai shaidar da banki zai nuna maka kafin kuɗinka ya tafi.

Akwai wata alama da ido zai iya kamawa tun daga takarda. A OPay da PalmPay, lambar asusun mutum galibi lambar wayarsa ce aka cire sifirin farko. Saboda haka in ka ga lambar asusu ta fara da 803, 706 ko 813, da alama asusun wani mutum ne da aka buɗe da layin waya. Wannan ba ya nufin kowane irin asusun nan na ɓarawo ne. 'Yan kasuwa masu gaskiya da shi suke aiki kullum. Amma makarantar da ta shekara da shekaru tana karɓar kuɗi a banki da sunanta, rana ɗaya a ce ta koma asusun mutum guda, wannan abin a taka ƙafa a je a tambaya ne.

Tambayar kuma ba ta lambar wayar da ke jikin takardar ake yin ta ba, domin wanda ya canza lambar asusu zai iya canza lambar waya. A je ofishin ma'aji ido da ido, ko a kira malamin ajin yaro a lambar da aka daɗe da sani. A kwafi lambar asusun da hannu daga ofis, a ajiye ta a waya. Sau ɗaya ake wannan wahalar.

Masu yara a makarantun gwamnatin tarayya, irin su Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Yola, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ko Jami'ar Modibbo Adama, naku ya bambanta. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnati, kuɗin hukumomin tarayya ba ya shiga asusun mutum. Inda aka ba ɗalibi lambar biya ta Remita, wadda ake kira RRR, lambobi 12 ce, kuma in aka shigar da ita sai sunan ɗalibin da na makarantar da adadin kuɗin su fito. A duba ukun nan kafin a biya, ko da a shagon kwamfuta aka ciro lambar. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗin shi zai ƙarasa biya, a ƙi.

Kuma ma'aji ba ya da abin yi da lambar sirrin katinka, ko lambar BVN, ko lambobin nan da banki ke turowa ta saƙo don tabbatar da biya. Wanda ya kira ya ce daga makaranta yake, kuɗinka ya maƙale, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu, ɓarawo ne. Kashe wayar.

Bayan an biya, aiki bai ƙare ba. A wurin bayani a rubuta sunan yaro da ajinsa, domin ma'aji yana ganin kuɗi daga ɗaruruwan mutane, kuma sunan da ke asusun uba ko kawu ba lallai ya yi daidai da na rajista ba. Wanda ya biya wurin mai POS ya fi kowa buƙatar wannan, tunda sunan mai na'urar ne zai fito a wajen makaranta. A ajiye shaidar biya, a kai ofis, a karɓo rasitin makaranta mai hatimi. Saƙon cire kuɗi yana nuna kuɗi ya bar asusunka ne, ba ya tabbatar da cewa ya shiga asusun makaranta.

In kuwa an riga an tura wa asusun bogi, kada a kwana. Kuɗin damfara ba ya zama wuri ɗaya, cikin ɗan lokaci ake rarraba shi. A je banki nan take da lambar asusun da aka tura wa, da lokacin, da doguwar lambar shaida da ke jikin rasitin waya, a nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe kuɗin. A kai rahoto ofishin 'yan sanda, a sanar da makaranta a ranar don ta gargaɗi sauran iyaye. Kunya ba ta dawo da kuɗi, kuma shirun mutum ɗaya shi ke ba ɓarawo damar cin na goma.

Ku ma'ajin makarantu, da ku muke. Ku rubuta sunan asusu daidai yadda zai fito a waya, ku manna shi a allon sanarwa, ku faɗa a taron iyaye da malamai cewa ba za a taɓa canza asusu ta WhatsApp ba. Wanda ya karanta wannan kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da ba ya karatun boko, tun kafin yara su koma makaranta.