Aikin rana da dare: yadda ake gane awa nawa mutum ke yi a sati

A nan gundumomin Magariya da Dungas akwai ma'aikata da yawa waɗanda lokacin aikinsu ba ya tsayawa wuri guda. Akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi, akwai masu gadi, akwai masu sayar da mai a gidajen mai. Wannan satin mutum ya kwana wurin aiki sau biyu, sati mai zuwa sau ɗaya. Idan aka tambaye shi awa nawa yake yi a sati, sai ya ce ya danganta. To amma wannan amsa ba ta isa ba ranar da gardama ta tashi tsakaninsa da mai aiki a kan kuɗin ƙarin lokaci. Yau za mu bi lissafin daki-daki.

Abin da doka ta ce

Kundin dokokin aiki na ƙasarmu Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga watan Satumba 2012, ya tsaida awa 40 a sati a matsayin lokacin aiki na doka. Ga masu aikin gona kuwa, da shekara aka auna, awa 2400, saboda aikin damina da na rani ba ɗaya ba ne. Dokar ta kuma wajabta hutun awa 24 a jere kowane sati. Wannan kundi ya shafi masu aiki da kwantiragi a kamfanoni, ƙungiyoyi da wuraren masu zaman kansu. Cikakkun ma'aikatan gwamnati suna da tasu dokar daban.

Ga mai shiga ofis Litinin zuwa Juma'a, awa 40 ba ta da wuyar ƙirgawa. Ga mai aikin karɓa-karɓa kuwa, sati ɗaya ba ya nuna gaskiya. Sai an haɗa satuttuka da dama, a tara awoyinsu, a raba da yawan satuttukan. Abin da ya fito shi ake kira matsakaicin awoyin sati. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekara ta 1919, yarjejeniya ta farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yarda masu aikin karɓa-karɓa a masana'antu su wuce awa 48 a wani satin, muddin matsakaicin sati 3 bai wuce 48 ba.

Misali da wata ma'aikaciyar jinya

Mu ɗauki misali da ma'aikaciyar jinya a wata likita mai zaman kanta. Tsarin aikinta yana zagayowa duk kwana 4. Ranar farko tana aikin rana daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, da hutun awa ɗaya da take fita ta ci abinci ta yi salla, saura awa 9 ke nan. Rana ta biyu tana kwanan aiki daga 6 na yamma zuwa 8 na safe, awa 14. Sai ta huta ranar da ta sauka da kuma washegari. Zagaye ɗaya ya kama awa 23.

Idan ta fara ranar Litinin, ga abin da za ta gani a kayenta. Satin farko rana biyu da dare biyu, awa 46. Sati na biyu ma haka, awa 46. Sati na uku rana biyu da dare ɗaya, awa 32. Sati na huɗu rana ɗaya da dare biyu, awa 37. Daga nan tsarin ya komo kan Litinin kamar yadda ya fara.

Kun ga inda gardama ke fitowa. Ita za ta nuna satin farko ta ce ana ci da guminta, awa 46 take yi. Mai likitar zai nuna sati na uku ya ce ko 40 ba ta cikawa. Kowa ya faɗi gaskiya, amma rabinta. A tara duka: 46 da 46 da 32 da 37 sun ba da 161. A raba 161 gida 4, ya ba da 40,25.

A kula da abin da ke bayan waƙafin nan. Injin lissafi na cikin salula ba da minti yake magana ba. 0,25 rubu'in awa ne, wato minti 15, ba minti 25 ba. Don samun mintoci sai a ninka abin da ke bayan waƙafi sau 60. Matsakaicin wannan ma'aikaciya ke nan awa 40 da minti 15 a sati.

Akwai gajeriyar hanya ga duk wanda tsarinsa ke zagayowa daidai. A ɗauki awoyin zagaye ɗaya, a raba da kwanakin zagayen, a ninka sau 7. Anan 23 a raba gida 4, a ninka sau 7, ya sake ba da 40,25.

Lokacin da aiki ya yi yawa

Kowa a yankin nan ya san yadda ɗakunan kwantar da yara ke cika daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa. A irin wannan lokaci wata likitar kan ƙara ma'aikata, wata kuwa sai ta rage ranakun hutu. A ce an cire wa ma'aikaciyarmu rana ɗaya ta hutu, zagayen ya dawo kwana 3: rana, dare, sauka. A baki kamar ƙaramin canji ne. A lissafi kuwa, 23 a raba gida 3, a ninka sau 7, ya ba da awa 53 da minti 40 a sati. Awa 161 ɗin nan da take yi cikin sati 4, yanzu cikin sati 3 take yin ta.

Nan ne tsawon lokacin da aka zaɓa don lissafi ke da tasiri. Idan ta yi sati 12 a kan wannan tsari mai nauyi, ta tara awa 644. Idan aka haɗa da wani sati 12 na tsarin da ta saba, awa 483, jimilla 1127 cikin sati 24. Matsakaicin ya sauko kusan awa 47. Wanda ya ga 47 kawai ba zai san ta kwashe kusan wata uku tana yin fiye da awa 53 ba. Duk sa'adda aka tsawaita lokacin lissafi, satuttuka masu nauyi na ɓuya cikin masu sauƙi. Shi ya sa inda ake amfani da wannan tsari ake sa masa iyaka. A Tarayyar Turai, dokar shekara ta 2003 ta ce kar matsakaicin ya wuce awa 48, kuma asalin ƙa'idar ita ce kar lokacin lissafin ya wuce wata 4. Ga mu nan, darasin shi ne a san ranar da lissafi ke farawa da ranar da yake ƙarewa tun kafin a yi aikin, kuma ya kama cikakkun zagaye. Kar a bari sai an gama wani ya zaɓi satuttukan da suka yi masa daɗi.

Kurakurai uku da ake yawan yi

Na farko ya shafi rashin lafiya da konje. A ce a sati na huɗu ma'aikaciyar ta kwanta ciwo, da takardar likita, ba ta je aiki ba ko sau ɗaya. Awoyinta sun zama 46 da 46 da 32, wato 124. Idan aka raba gida 4 sai ya ba da 31, a ce ai ba ta aiki sosai. Alhali sati 3 ta yi, kuma 124 a raba gida 3 ya ba da awa 41 da minti 20. Satin da mutum ba ya nan bisa izini, a fid da shi daga adadin da ake rabawa da shi. Ranakun hutun da ke cikin tsarin aiki kuwa ba a cire su, domin suna cikin zagayen.

Na biyu, kwanan aikin da ya ratsa sati biyu. A misalinmu, daren Lahadi na sati na biyu ya ƙare ne da safiyar Litinin. Mu mun lissafa shi duka a ranar da ya fara. Wani zai yanke shi da ƙarfe 12 na dare, awa 6 a Lahadi, awa 8 a Litinin, sai sati na biyu ya zama 38, na uku ya zama 40. Jimillar tana nan 161. Kowace hanya aka bi daidai ce, in dai ba a ƙirga awa 8 ɗin sau biyu ba, ko a manta da ita.

Na uku, haɗa sati 4 da wata. A takardar albashi ana yawan ganin 173,33. Wannan awa 40 ce aka ninka sau sati 52, aka raba da wata 12. Wata ya fi sati 4 tsawo. Saboda haka awa 161 ta kwana 28 da 160 ake gwada ta. Wanda ya gwada ta da 173 zai ce ma'aikaciyar na da bashin awa 12, alhali ita ce ta yi rarar awa ɗaya.

Abin da matsakaici ba ya warwarewa

Samun matsakaici 40 ba ya nufin maganar kuɗin ƙarin lokaci ta mutu. Awa 40 ta doka a kan sati aka gina ta. Ko satin 32 zai iya shafe rarar satin 46, wannan ya danganta ga abin da dokokin sana'ar, yarjejeniyar ma'aikata da kwantiragin mutum suka tanada. Ba mai aiki ne zai yanke shi shi kaɗai a ƙarshen wata ba. Haka kuma akwai sana'o'in da ke da zaman jira da yawa, kamar gadi, inda doka ta ɗauki awoyin zama da suka fi 40 a matsayin daidai da awa 40 ta aiki. Mai gadi ya fara tambayar adadin da ya shafi sana'arsa kafin ya ƙirga rara.

Duk wannan lissafi yana bukatar shaida. Ɗan kaye ya isa: kwanan wata, lokacin shiga, lokacin fita, tsawon hutu, a rubuta a ranar da aka yi aikin. Idan an liƙa jadawalin aiki a bango, a ɗauki hotonsa da salula kafin a canza shi. Ranar da lissafinku ya saɓa da na mai aiki, ku fara da wakilin ma'aikata idan akwai shi. In ba a daidaita ba, ofishin sufetan aiki da ke Damagaram shi ke da hurumin duba irin wannan ƙara, kuma za ku je da kayenku da kwantiraginku da takardun albashi a hannu.