Wasiƙar Ranar Alhamis: Yadda Muka Gayyaci Iyaye Zuwa Filin Wasa

Duk malamin firamare ya san makomar takardar da aka ba yaro ya kai gida. Wata takan ƙare a ƙasan jaka tare da ɓawon gyaɗa, wata a naɗe ƙosai da ita, wadda ta yi sa'a kuma ta isa hannun uba, ya duba ko akwai maganar kuɗi, in babu ya ajiye. Saboda haka da muka yanke shawarar buɗe kulob ɗin wasa na mako-mako a makarantar da nake koyarwa, wasiƙar iyaye ta fi ba mu wahala a kan shirya wasannin kansu. Sau uku muna rubutawa muna yagewa.

Ta farko cike take da manyan kalmomi a kan bunƙasa ƙwaƙwalwa. Har mun ambaci sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya ce wasa da hutu haƙƙin yaro ne. Maganar gaskiya ce, amma wata abokiyar aikinmu, uwar 'ya'ya biyar, ta karanta ta ce mu cire. A cewarta, abu huɗu uwa take so ta sani: yaushe ne, nawa ne, wa zai kula da ɗanta, kuma me ake nema a wurinta. A kan waɗannan muka gina wadda ta fita daga ƙarshe. Ga ta:

"Assalamu alaikum, iyayenmu masu daraja. Daga wannan makon, duk ranar Alhamis bayan an tashi, yaran aji ɗaya da aji biyu za su tsaya na minti 45 domin kulob ɗin wasa. Ba a biyan ko kwabo, ba a sayen komai, kuma ba dole ba ne. Malamai biyu, mace da namiji, za su kasance tare da su har a sallame su. Wasannin namu na gida ne: dara, carafke, langa da kacici-kacici. Kowane mako yaro zai dawo da wasa ɗaya. Roƙonmu shi ne wani babba a gida ya ba shi minti goma, sau biyu kafin wata Alhamis, ya bari yaron ya koya masa. Wanda ya amince ya sa hannu ko ya dangwala a ƙasa, ya kuma faɗi wanda zai zo ɗaukar yaron."

Kowane layi a ciki da dalilinsa. Mun zaɓi Alhamis ne don yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya da yamma, kuma Alhamis da Juma'a ne ranakun hutunta. Da mun sa Talata, da mun haɗa kanmu faɗa da malaman Islamiyya, kuma mun san wanda iyaye za su bi. Maganar kuɗi mun kawo ta da wuri don ita ce uba yake nema da ido. Ambaton malama mace kuwa don hankalin iyayen 'yan mata ya kwanta ne. Sannan da yake ba kowa ke karanta boko ba, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya karanta wasiƙar da murya aka tura wa masu waya, kuma an sake karanta ta a taron iyaye.

A makaranta, minti 45 ɗin kashi uku muke yi masa. Ana farawa da wasan tsalle na kwata ɗin awa, domin yaron da ya wuni a kan benci ba zai zauna ya yi tunani ba sai ya sauke abin da ke jikinsa. Maza su yi langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, mata su yi nasu a gefe tare da malama. Daga nan sai minti ashirin na wasan zaune, yara shida-shida a inuwa. Sauran minti goma na kacici-kacici ne da tattara kaya, kuma a nan ake nuna musu wasan da za su kai gida.

Bari in ɗauki dara, don ita ce ta fi nuna abin da muke nufi da shigar iyaye. Darar manya, wadda ake bugawa a gindin bishiya, gurabe 30 gare ta, layi biyar na gurbi shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya har a gama, ya rage gurbi shida babu komai, sannan a riƙa matsar da ɗa gaba ko baya ko gefe, gurbi ɗaya kawai. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Wannan ta yi wa ɗan shekara shida nauyi. Kafin a gama zuba 'ya'ya 24 hankalinsa ya tafi wani wuri.

Sai muka rage ta. Gurbi tara, uku-uku, a tona a ƙasa ko a zana da gawayi a kan kwali. Kowa da 'ya'ya uku, misali murfin kwalba uku da ƙwallon dabino uku. Ba a lissafa jerin da ya bi ta kusurwa, sai na tsaye ko na kwance. Mun kuma sassauta ƙa'ida ɗaya: a darar manya ba a jera uku lokacin zubi, amma a tamu an yarda, don yaro ya ga sakamako da wuri.

A ce uba da ɗansa sun zauna bayan sallar isha'i. Mu ƙirga guraben daga 1 zuwa 9, daga hagu zuwa dama, layin sama 1, 2, 3. Uba ya sa nasa a 5, wato tsakiya. Yaro ya sa a 1. Uba ya ƙara a 4. Yanzu in uba ya samu 6, ya jera uku. Yaron kuwa idonsa na kan 2, don shi burinsa ya cika layin sama, bai ma kalli abin da babansa yake ƙullawa ba. A nan ne aikin uba yake. Zai iya yin shiru ya cinye, yaro ya tashi da hawaye. Zai iya cewa ya sa a 6, yaro ya bi umarni bai koyi komai ba. Abin da muka roƙa a yi shi ne tambaya ɗaya: "Kafin ka ajiye, ina kake ganin zan sa nawa?" Sai yaron ya ɗaga hannu, ya dubi allon daga ɓangaren babansa, ya gano 6 da kansa ya toshe.

Wannan ɗan jinkirin, hannu a sama ana tunani, shi muke nema. Yaron da ya saba tsayawa ya duba kafin ya ajiye murfin kwalba, shi ne wanda zai karanta tambayar lissafi har ƙarshe kafin ya rubuta amsa. Ga kuma jiran layinsa, da haƙurin shan kaye ba tare da watsa wasan ba. Carafke ma tana da irin nata: yarinya ta jefa tsakuwa sama, ta kwashi na ƙasa ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, ta cafe ta sama kafin ta faɗi. Uwar da ke tankaɗe ba sai ta ajiye rariya ba, ta iya tambaya kawai: an kwashe biyu cikin biyar, saura nawa?

Inda abin yake lalacewa kuwa, mun gan shi tun makonnin farko. Na ɗaya shi ne mai da wasa jarrabawa. Wani uba yakan zauna da fuskar hedimasta, yaro ya yi kuskure a ce masa daƙiƙi, har a kai ga ranƙwashi. Alamar a fili take: yaron da da shi ke jawo kwali ya kawo, yanzu da an ce a zo a yi dara sai ya ce barci yake ji. In haka ta faru, a bar wasan na 'yan kwanaki, sannan a dawo a ce shi ne malami yau. Na biyu shi ne babba ya riƙa ci kullum, ko kuma ya riƙa faɗuwa da gangan kullum. Yara suna gane na biyun da sauri, kuma daɗin nasarar ya tafi. Abin da ya fi shi ne babba ya ɗaure wa kansa hannu a bayyane, ya ce yaro ne zai fara zubi, kuma shi ba zai taɓa gurbin tsakiya ba a zubin farko, sannan ya buga da gaske. Na uku shi ne barin wasan a hannun yayye ba mai sa ido. Ɗan shekara sha biyu yakan canja ƙa'ida duk lokacin da ya ga dara za ta ci gida, ƙaramin kuma ya koyi cewa mai ƙarfi ne ke da gaskiya.

Akwai gargaɗi ɗaya da muka ƙara a wasiƙa ta biyu, bayan wata kaka ta ja hankalinmu. Tsakuwa da murfin kwalba da ƙwallon dabino abubuwa ne da mai rarrafe yake kai wa baki, kuma suna iya shaƙe shi. A gidan da ke da ɗan ƙasa da shekara uku, a ƙirga 'ya'yan dara kafin wasa, a sake ƙirgawa bayan an gama, a zuba a gwangwani mai murfi a ɗora a sama. Ƙirgar ma yaron ne zai yi.

Ya kamata kuma a faɗi iyakar abin. Kulob ɗin ba ya maye gurbin koyon baƙaƙe da wasula, kuma ba mu yi wa kowa alkawarin ɗansa zai zo na ɗaya a ƙarshen zango ba. Abin da iyaye za su iya gani da idonsu ƙarami ne: yaro ya zauna minti goma bai tashi ba, ya bayyana ƙa'idar wasa daki-daki har babba ya fahimta, an cinye shi ya ce a sake maimakon ya yi kuka. Shi ya sa muka nace cewa yaron ne zai koyar. Wanda ya iya bayyana wa kakarsa dalilin da ya sa jerin kusurwa ba ya ci, ya yi aikin harshe da na tunani a lokaci guda.

Takardun da suka dawo mana da yawansu dangwale ne, wasu da tabon manja. A bayan ɗaya daga ciki wani uba ya yi rubutu da ajami, sai da muka nemo malamin Arabiyya ya karanta mana. Ƙorafi ne: wai darar da muke koya wa yara ba cikakkiya ba ce, kuma in mun yarda zai zo ya nuna ta gaskiya. Muka ce bismilla. Alhamis ta gaba sai ga shi da tsinkayensa goma sha biyu a aljihu, ya tsuguna a gindin darbejiya yana tona gurabe, 'yan aji biyu sun yi masa zobe.